Hoton Kaya Na Hannunka, Mai Sayarwa Ka Rasa: Ga Yadda Ake Bin Sawunsa

A ce 'yar'uwa tana haɗa kayan ɗakin 'yarta, sai ta ga wasu kuloli uku masu murfin ruwan zinare a hoton wani biki da aka tura mata ta WhatsApp. Ta tambayi wadda ta turo, ita ma turo mata aka yi. Idan ta rubuta "kula mai kyau" a Google, dubban kuloli za su fito, ban da wadda take so. A nan ne neman abu da hoto yake da rana: maimakon ka rubuta kalma, hoton kansa kake miƙawa, a lalubo maka masu kama da shi a intanet.

Mafi sauƙi ga mai wayar Android shi ne Google Lens, wanda ya fito a 2017. Buɗe manhajar Google, za ka ga 'yar alamar kyamara a gefen gurbin rubutu. Taɓa ta, ka zaɓi hoton daga cikin hotunan wayarka. Idan a sitatus ka gan shi, ɗauki hoton fuskar wayar tukuna.

Wajen da sabon shiga ya fi tuntuɓe shi ne barin hoton yadda yake. Hoton bikin nan akwai amarya, akwai tebur, akwai labule da faranti, na'ura kuwa ba ta san kular ce ta ɗauke maka hankali ba, tana iya kawo maka labulaye. Lens yana zana wani akwati a kan hoton, mai kusurwoyi huɗu da ake ja da yatsa. Ja su har sai akwatin ya matse kula ɗaya kacal, wadda ta fi fitowa fes, da hannunta da murfinta. Idan akwai tambari ko rubutu a jikinta, sake neman da shi kaɗai. Kana kuma iya ƙara kalma a kan hoton, kamar launin da kake so, don sakamakon ya ragu.

Abin da zai fito iri biyu ne, kuma rarrabe su shi ne rabin aikin. Akwai kaya masu kama, akwai kuma ainihin kayan. Kula mai murfin zinare ba ɗaya ba ce a duniya, don haka a dubi ƙananan abubuwa: yadda makullin murfi yake, zanen da ke gindi, inda hannu ya manne. Abu ɗaya ya saɓa, to wata ce daban.

A ganina, babbar ribar wannan mataki ba shagon farko da ya bayyana ba ne. Sunan kayan ne da lambar samfurinsa. Da zarar wani shafi ya nuna sunan kamfani da lambar, kwafe su ka nema da rubutu, ka haɗa da "Kano" ko "Nigeria". Sau da yawa hoton zai kai ka AliExpress ko Alibaba ne, inda kuɗin aike zai iya fin kuɗin kular, ko a ce sai ka sari da yawa. Da sunan a hannu kuwa, kana iya dubawa a Jumia ko Jiji, ko ka tura wa ɗan kasuwar da ka saba da shi a Sabon Gari ya duba maka.

Sai maganar amana, wadda ta fi komai damuna. Mai shafin da ya ɗora hoton kaya ba lallai yana da kayan ba, hoto kowa na iya kwafa. Ɗauki hoton da mai sayarwar ya ɗora ka saka a tineye.com, shafin da yake neman kwafin hoto tun 2008, ka jera sakamakon da "Oldest". Wannan yana nuna inda TinEye ya fara cin karo da hoton. Idan mai shafi ya ce a shagonsa ya ɗauka jiya, ga shi kuma hoton ya shekara uku a shafin wata masana'anta, kada ka tura ko kobo. Ka ce ya ɗauko maka bidiyon kular a hannunsa, da takarda a gefe mai sunanka da kwanan watan ranar. Mai kaya na gaskiya ba ya jin nauyin wannan.

Wani lokaci ba abin da zai fito, kuma ba laifin wayarka ba ne. Binciken ba ya shiga sitatus na WhatsApp ko rufaffun shafuka, kuma yawancin 'yan kasuwarmu can suke talla. Kayan hannu, kamar hular da aka ɗinka wa mutum ɗaya ko takalmin da baduku ya yi, ba su da kwafi a intanet. Idan hoton ya dushe saboda yawan turawa, nemi na asali daga wanda ya ɗauka. In atamfa ce, roƙi hoton bakin zanen, domin kamfanoni irin su Vlisco a nan suke buga sunansu da lambar zane, kuma da wannan lambar ɗan Kantin Kwari zai fi saurin gane abin da kake nema.