"Ana Zargin" Ba Ta Hana Sammaci

Ɗaliban aikin jarida da yawa suna fita daga makaranta da imanin cewa muddin suka sa "ana zargin" a gaban jumla, sun tsira. Wannan imani ya kai 'yan jarida gaban alƙali. A idon doka, wanda ya maimaita zargi ya wallafa shi, kuma zai amsa tambaya kamar wanda ya fara furta shi. Abin da ke kare ɗan jarida shi ne inda maganar ta fito da kuma shaidar da yake riƙe da ita.

Bari mu ƙaddara wani misali mu bi shi daga farko. Wata ƙungiya ta rubuta takardar koke zuwa hukumar EFCC, tana cewa wani shugaban ƙaramar hukuma ya karkatar da naira miliyan 40 na takin manoma. Kwafin takardar ya iso wayarka ta WhatsApp da daddare, kuma edita yana jiran labari da safe.

A wannan mataki ba ka da wata kariya. Takardar koke magana ce ta ɓangare ɗaya, kowa na iya zama ya rubuta ta. Idan ka buga abin da ke ciki, mutumin zai je babbar kotu ya nuna abu uku: cewa kalaman suna zubar masa da mutunci a idon masu hankali, cewa da shi ake, kuma cewa wani ya karanta ko ya ji. Da ya nuna waɗannan, nauyi ya dawo kanka. Ba shi zai tabbatar da cewa bai ci kuɗin ba, kai ne za ka tabbatar da cewa ya ci. Kuma alƙali ba zai karɓi "majiya mai tushe ta shaida mana" ba. Zai nemi takardun banki, da takardar kwangila, da mutumin da zai tsaya ya yi rantsuwa. Majiyar da ta roƙe ka ka sakaya sunanta ba za ta zo ba ranar.

Ɓoye suna ma ba ya fid da mutum kamar yadda ake zato. Mu masu son habaici ne da gugar zana, kuma shirye-shiryen siyasa na rediyo cike suke da su. Amma in ka ce "wani shugaban ƙaramar hukuma, tsohon malamin firamare, da ya aurar da 'yarsa makon jiya", duk garin ya san wanda kake nufi, kuma abin da kotu za ta tambaya ke nan: shin waɗanda suka san shi sun gane shi? Wani lokaci sakayawar tana ƙara haɗari, domin bayanin zai iya dacewa da wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba.

A arewacin Nijeriya lamarin bai tsaya ga biyan diyya ba. Sashe na 391 na dokar Final Kod ya ɗauki ɓata suna a matsayin laifi, sashe na 392 kuma ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyu, ko tara, ko duka biyun. A ƙarƙashin wannan doka, kasancewar maganar gaskiya kaɗai bai isa ba, sai an nuna cewa bayyana ta na da amfani ga jama'a. Batun kuɗin taki ya cika wannan sharaɗi. Batun rikicin shugaban da matarsa da wuya ya cika. A jihohin da ke aiki da shari'ar Musulunci kuwa, jifan mutum da zina ba tare da shaidu huɗu ba kazafi ne, haddinsa bulala 80. A ganina bai kamata a ɗaure ɗan jarida saboda ɓata suna ba, diyya ta wadatar, kuma Gana ta soke irin wannan doka tun 2001. Amma tamu tana nan daram, da ita za a yi maka shari'a.

To me za ka yi da takardar? Ka tabbatar hukumar ta karɓe ta. Ka nemi takardun da suka nuna an fitar da kuɗin, ka je wurin manoman ka ji ko taki ya iso. Sannan ka kira shugaban, ka faɗa masa zargin dalla-dalla, ka ba shi lokacin da ya dace ya amsa, ka adana saƙonnin da lokacin kiran. Jin ta bakinsa ba ya mayar da ƙarya gaskiya, amma yana nuna ba da ƙeta ka yi aikin ba, kuma sau da yawa a nan ake gano cewa rabin labarin ba haka yake ba.

Yanzu a ce bayan wata uku an gurfanar da shi. Nan ƙofa ta buɗe. Abin da aka faɗa a zaman kotu na bainar jama'a kana da kariyar ruwaito shi, ko da mai zafi ne, bisa sharaɗin ka ruwaito shi daidai kuma da adalci. Daidai na nufin ka je wurin magatakarda ka duba takardar tuhuma da idonka: idan miliyan 14 aka rubuta, kada ka buga 40 don ita ce a tsohon koken. Adalci na nufin in ka kawo abin da mai gabatar da ƙara ya ce, ka faɗi cewa wanda ake tuhuma ya musanta, ka kuma dawo ranar da lauyansa zai yi wa shaida tambayoyi. Abin da lauya ya faɗa maka a harabar kotu bayan an tashi ba ya cikin wannan kariya. Kanun labari kuma a nan ya fi yin ɓarna. "Ɓarawon taki ya shiga hannu" hukunci ne da alƙali bai yanke ba, alhali sashe na 36 na kundin tsarin mulki na 1999 ya ce mutum ba shi da laifi har sai an tabbatar.

Daga ranar da shari'a ta fara, haɗari na biyu ya shigo, wato raina kotu. Wannan karon da kotun kanta kake, kuma gaskiyar abin da ka buga ba lallai ta cece ka ba. Idan alƙali ya ce kada a bayyana sunan wani shaida, ka bayyana, ka saɓa umarni. Idan ka gayyato shaidar da bai riga ya ba da shaida ba ka yi ta tatsarsa a rediyo, ana iya cewa ka yi wa shari'a katsalandan. Haka nan ɗaukar hoto ko murya a zauren kotu ba da izini ba. Sukar hukunci bayan an yanke halal ce, ka ce alƙali ya yi kuskure ka kawo dalili. Cewa an saye shi, ba tare da hujja ba, wani abu ne daban.

Masu sha'awar rediyo su riƙe abin da ya faru a Gana a 2016. Wasu baƙi biyu a wani shirin gidan rediyon Montie FM da ke Akara sun yi wa alƙalan Kotun Ƙoli barazana, lokacin da ake takaddama kan rajistar masu zaɓe. Kotun ta ɗaure su wata huɗu, ta haɗa da mai gabatar da shirin, ta kuma ci tarar masu gidan rediyon. Sai da Shugaba John Mahama ya yi musu sassauci suka fito. Mai gabatarwa ba zai fake da cewa bakin wani ne ba. Idan ɗan siyasa ko mai kiran waya ya fara jifan wani da sata ko ya taɓa alƙali, ka katse shi nan take, ka faɗa wa masu sauraro cewa tashar ba ta da shaidar wannan magana.

In kuma kuskure ya riga ya fita, kada a tsaya gardama. A gyara da wuri, a wurin da ya yi daidai da inda aka buga na farko, domin kotu tana duba wannan wajen yanke diyya. Wasiƙar lauya kuwa, ko sammaci, kada ka amsa da kanka, kada ka goge rikodin ko littafin rubutunka. Ka kai wa edita a ranar, shi kuma ya kira lauyan gidan.