Sauya Tsarin Kamasho: Yadda Ake Sanar da Wakilan Sayar da Kaya

Kamasho shi ne kason da kamfani ke ba wakilinsa daga cinikin da ya kawo, kamar yadda dillali ke karɓar la'ada a kasuwa. Wakilai da yawa albashinsu bai taka kara ya karya ba, da kamashon suke riƙe gida. Saboda haka duk ranar da kamfani ya taɓa tsarin, tambayar da ke zuciyar kowane wakili ita ce nawa zai riƙa samu daga yanzu. Sanarwa mai kyau ita ce wadda wakili zai karanta, ya ɗauki biro ya lissafa kuɗinsa da kansa, lissafin kuma ya zo daidai da na akanta.

Abin da sanarwar ke ƙunsa

Takardar sanarwa tana farawa da ranar da sabon tsari zai soma aiki, sai dalilin sauyin a taƙaice. Daga nan a jera tsohon tsari da sabo kusa da juna, a faɗi tsawon wa'adin da za a riƙa auna ciniki a cikinsa, da adadin cinikin da aka yanka wa kowane wakili, da ranar biya. Ana ba da ita a rubuce kafin wa'adin ya fara, domin kamasho yana cikin yarjejeniyar da ke tsakanin kamfani da wakili, kuma cinikin da aka riga aka yi a kan tsohon sharaɗi ba a mayar da shi kan sabo.

A ɗauki misalin wani kamfani mai rarraba sabulu da omo ga 'yan kasuwar Singa a Kano da shagunan unguwanni. A da yana biyan kashi 3 cikin ɗari na duk cinikin wata. Daga 1 ga Janairu zai koma auna ciniki duk wata uku, kuma ya yanka wa kowane wakili naira miliyan 9 a wa'adin. Kamashon ya zama hawa uku. Miliyan 6 na farko ana biyan kashi 2.5 cikin ɗari a kansu. Abin da ke tsakanin miliyan 6 da miliyan 9 ana biyan kashi 4. Abin da ya haura miliyan 9 kuwa ana biyan kashi 6.

Misalan da ke fayyace lissafi

Jera waɗannan alƙaluma kawai ba ya wadatarwa, sai an buga misali da wakilai uku: wanda ya gaza adadin, da wanda ya cika shi daidai, da wanda ya zarce.

Wakilin da ya yi cinikin miliyan 6 a wata uku, a tsohon tsari zai samu naira 180,000. A sabo zai samu 150,000, wato ya yi ƙasa da 30,000. Wanda ya yi miliyan 9 zai samu 150,000 a hawan farko da 120,000 a hawa na biyu, jimla 270,000, daidai da abin da yake samu a da. Wanda ya kai miliyan 12 zai samu wannan 270,000 ɗin, a ƙara masa 180,000 na miliyan 3 da ya haura da su, jimla 450,000, alhali a tsohon tsari 360,000 zai karɓa.

Misalan sun nuna cewa miliyan 9 ita ce iyakar da tsohon tsari da sabo suka yi kunnen doki. Duk wanda ke ƙasa da ita zai ga ragi, wanda ke sama zai ga ƙari. Wajibi ne sanarwa ta faɗi haka ƙarara. Idan aka kawo misalin wanda zai ƙaru kaɗai, wakilai za su gano ɗaya ɓangaren da kansu ranar biya, daga nan kuma su daina amincewa da duk wani lissafin da ya fito daga ofis.

Akwai wata rashin fahimta da ta fi kowace jawo rigima. Wakilin da ya kai miliyan 12 yana iya zaton kashi 6 za a buga a kan cinikinsa gaba ɗaya, ya sa ran naira 720,000. Tsakanin wannan zato da 450,000 akwai giɓin 270,000. Don haka sanarwa ta bayyana cewa kowane kaso yana aiki ne a kan kuɗin da ya faɗo cikin hawansa kawai, ta kuma nuna lissafin layi bayan layi.

Sabon wa'adi da ranar biya

Komawa wata uku yana ba wakili damar cike giɓin watan da kasuwa ta yi sanyi da cinikin watan da ta buɗe. Sai dai mai iyali ba zai iya jiran wata uku babu kuɗi ba. Mafitar da ake bi ita ce a riƙa biyan kaso mafi ƙanƙanta duk ƙarshen wata, a cika sauran bayan rufe wa'adi. Wakilin da ke cinikin miliyan 4 duk wata zai riƙa karɓar naira 100,000, wato 300,000 a wata uku, sa'annan a cika masa 150,000 a watan Afrilu. Sanarwa ta sa ranar wannan ciko, ta kuma faɗi ko alƙaluman kafin cire haraji ne ko bayansa.

Wajen yanka adadi ana duba lokacin kasuwa. Azumi da Sallah suna matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka wa'adin da ya ƙunshi cinikin Sallah wata shekara yana iya rasa shi wata. Haka nan wakilin da ke cikin birni da wanda ke bin kasuwannin ƙauye masu ci mako-mako ba za a ɗora musu adadi ɗaya ba tare da duba cinikin da kowanne ya saba yi ba.

Wane ciniki ake ƙirgawa

Kaya da yawa bashi ake ba da su, saboda haka dole a fayyace ko ranar da aka sauke kaya ake ƙirga ciniki ko ranar da kuɗi ya shiga asusun kamfani. Wannan ya fi muhimmanci a kan gaɓar sauyi. Kayan da aka sauke ranar 28 ga Disamba, aka biya kuɗinsu ranar 10 ga Janairu, a wane tsari suka faɗa? Hanya mafi sauƙi ita ce duk kayan da aka sauke kafin ranar sauyi su zauna a tsohon kaso na 3 cikin ɗari, kada kuma su shiga lissafin sabon wa'adi.

Kayan da aka dawo da su ma suna bukatar hukunci. Idan wakilin miliyan 12 aka dawo masa da kayan naira 500,000, daga hawan sama ake cire su, wato a zare 30,000 daga biyansa na gaba. Rashin wannan sharaɗi yana sa wasu su jibge wa 'yan kasuwa kaya a makon ƙarshe don su tsallaka hawa. Alamar hakan ita ce ciniki ya tashi sosai dab da rufe wa'adi, kaya kuma su riƙa dawowa a farkon na gaba.

Isar da sanarwar

Ana fara yi wa shugabannin wakilai bayani domin amsarsu ta zama ɗaya. Sai a tara wakilai a karanta takardar, a buga misalan a allo, a saurari tambayoyi. Bayan taro kowane wakili ya karɓi takardarsa mai ɗauke da cinikinsa na wata uku da suka wuce, an lissafa shi a tsohon tsari da sabo, ya sa hannu ya riƙe kwafi. Kafin a tashi, yana da kyau a ba wakilai wani adadi, kamar miliyan 10, su lissafa da kansu. Wanda ya samu naira 330,000 ya fahimci tsarin. Idan da yawa suka samu 600,000, sai an sake bayanin hawa-hawan kafin ranar 1 ga Janairu.