Mai da tunkuza daga buhu ɗaya: yadda ake raba musu kuɗin da aka kashe

A masana'antar matsar gyaɗa kaya biyu ne ke fitowa daga aiki ɗaya: man gyaɗa da tunkuza. Kuɗin sayen gyaɗa, da na ɓara, da suya, da niƙa, da wuta, da ladan ma'aikata, duk an kashe su tun kafin mai ya rabu da tunkuza, don haka babu wanda zai iya nuna nairar da ta tafi ga mai da wadda ta tafi ga tunkuza. Wannan shi akantoci ke kira kuɗin haɗaka, inda kayan suka rabu kuwa shi ne mararraba. Tilas a raba kuɗin, domin sai da shi ake sanin darajar kayan da suka rage a sito da ribar da za a rubuta.

Hanyar da ta fi dacewa idan kayan na buƙatar ƙarin aiki bayan mararraba ita ce ta tsantsar ƙimar sayarwa. Ana ɗaukar kuɗin da za a sayar da kowane kaya a ƙarshe, a cire duk abin da za a kashe masa shi kaɗai bayan rabuwa, har da na dako da sayarwa. Abin da ya rage shi ne kimar kayan a mararraba, kuma gwargwadonsa ake raba kuɗin haɗaka.

Ga misali da alƙaluman da aka tsara don bayani. Wata masana'anta ta kashe naira 1,240,000, ta samu kilo 400 na mai, da kilo 600 na tunkuza, da tarin ɓawo. Da ɓawon ake farawa. Ba don shi aka kunna injin ba, kuma kuɗinsa kaɗan ne, saboda haka ba a ɗora masa kaso. Idan masu kiwo za su saye shi naira 50,000, buhuna da dako kuma su ci 10,000, sai a cire 40,000 ɗin da ta rage daga kuɗin haɗaka. Saura 1,200,000. Haka ƙa'idar lissafin kayan sito ta ƙasa da ƙasa, IAS 2, ta bayyana game da irin waɗannan ƙananan kaya.

Man zai sayu naira 1,300,000, amma tacewa da jarkoki za su ci 100,000, wato kimarsa a mararraba 1,200,000 ce. Tunkuza idan aka soya ta ta zama ƙuli-ƙuli za ta kawo 500,000, aikin ya ci 100,000, saura 400,000. Jimilla 1,600,000 ke nan, mai na da kashi uku cikin huɗu, tunkuza na da kashi ɗaya. Sai a ɗora wa mai 900,000, tunkuza 300,000. Ribar mai ta zama 300,000, ta ƙuli-ƙuli 100,000.

Da nauyi aka bi wajen rabon, da tunkuza ta ɗauki 720,000, littafi ya nuna ƙuli-ƙuli ya ja asarar 320,000, alhali ribar masana'antar gaba ɗaya tana nan a 400,000. Irin wannan asarar ta takarda ce ke sa mai masana'anta ya tsani kayan da ke ciyar da shi. Rabo bisa kima ya fi adalci, domin kowane kaya na ɗaukar abin da kasuwarsa za ta iya biya. A kula, da dukan abin da aka samar ake lissafin, har da wanda bai riga ya sayu ba.

Hanyar tana da iyaka. Tana ɗauka cewa duk ribar a matsa aka same ta, aikin tacewa da suyar ƙuli-ƙuli kuwa ba su kawo komai ba sai mayar da kuɗinsu. Haka kuma idan farashin mai ya tashi, kasonsa na kuɗin haɗaka ya ƙaru ko da ba a ƙara kashe kwabo ba. Kayan da kimarsa ta faɗi ƙasa da sifili ba a ɗora masa komai. Inda kuma ake da tsayayyen farashin kayan tun a mararraba, gara a yi rabon da shi kai tsaye, don ya fi ƙiyasi tabbas.

Babban kuskure shi ne yanke shawarar kasuwanci da wannan kaso. Tambayar ko a soya tunkuza ko a sayar da ita ɗanya ba ta da alaƙa da 300,000 ɗin nan, domin kuɗin ya riga ya fita ko an soya ko ba a soya ba. Idan masu haɗa abincin kaji za su saye ta ɗanya naira 430,000, suya za ta ƙara 70,000 ne kawai a kan kuɗin aiki 100,000. Sayar da ita ɗanya ya fi riba da naira 30,000, ko da yake littafi na nuna ƙuli-ƙuli da riba.