Sharar Fage Kafin Amshi

A waƙoƙin zamani, sau da yawa ba a faɗawa amshi kai tsaye daga baiti. Akan sa ɗan gajeren sashe a tsakani, aikinsa shi ne ya ja ran mai sauraro har ya ƙagu amshin ya iso.

Waƙar "Billie Jean" ta Michael Jackson, da ke cikin kundin Thriller na 1982, ta nuna dabarar sarai. A baiti, jita mai kaurin murya tana ta nanata salo guda. Da an shiga sharar fage sai wannan salon ya ɗauke, muryar mawaƙin ta ƙara tashi, kiɗan ya bar sautin da ya zauna a kai. A gaɓar ƙarshe kuma ya tsaya kan sautin da kunne ba ya yarda a tsaya a kansa. Da amshi ya faɗo, salon jitar ya dawo, sai ran mutum ya kwanta.

Kuskuren da akan yi shi ne cika sashen da ƙarfi. In mawaƙi ya ƙure muryarsa a nan, amshi ba shi da sauran wurin hawa, sai a ji shi lami.