Na bi sawun wani kamfani daga Landan zuwa tsibirai, ban ga fuskar mai shi ba

A watan azumin bara kawuna, wanda ke fataucin shinkafa da sukari a Maraɗi, ya turo mini hoton wata takardar ciniki ta WhatsApp. Wani dillali ne ya haɗa shi da kamfanin da zai kawo masa sukari ta tashar Lome a farashi mai sauƙi, sai dai ana son ya fara biyan kafin alƙalami na miliyan 30 na sefa. Ya ce: "Ɗana, ku da kuka iya wannan na'ura, duba mini ko su wane ne." Na ce to kawu, ba ni awa ɗaya. Kwana huɗu na yi a kai.

A saman takardar adireshin Landan ne, sunan kamfanin ya ƙare da LLP, asusun da za a tura kuɗin kuma yana Dubai. Na fara da Companies House, rajistar kamfanonin Birtaniya, wadda kowa ke iya dubawa kyauta ko da wayar hannu. Kamar RCCM ɗinmu ce, sai dai ita a buɗe take a intanet. Ina rubuta sunan sai ga shi ya fito da lambarsa, da ranar da aka kafa shi, da alamar cewa yana raye. Har na ɗauki waya zan yi wa kawu albishir, sai na ce bari dai in latsa People.

Nan ne ake jera masu kamfani. LLP haɗin gwiwa ne, dole a samu aƙalla mambobi biyu, kuma doka ba ta ce lallai su zama mutane ba. Mambobin wannan kamfani wasu kamfanoni ne guda biyu, ɗaya a Seychelles, ɗaya a tsibiran British Virgin da ake kira BVI. Babu sunan ɗan Adam ko ɗaya. Tun 2016 Birtaniya ta wajabta bayyana wanda ke da iko na gaske, ana ganin sa ƙarƙashin Persons with significant control. A nan abin da aka rubuta shi ne kamfanin bai san da wani mai irin wannan iko ba.

Wannan magana tana iya zama ƙarya, tana kuma iya zama gaskiya a idon doka. Babban ma'aunin shi ne mallakar fiye da kashi 25 cikin ɗari. Idan mutum huɗu suka raba kamfani daidai wa daida, kowa na da kashi 25 cif, babu wanda ya haura, don haka ta wannan ma'auni babu sunan da zai fito. Ba wuya mutum ɗaya ya nemo 'yan'uwa huɗu su riƙe masa a takarda. Sannan shekara da shekaru aikin Companies House karɓar abin da aka aiko ne ta ajiye, ba tare da tantancewa ba. Dokar 2023 ce ta ba ta ikon tuhumar bayanai da tabbatar da shaidar mutane. Kamfanin kawu ya girmi wannan doka.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne Filing history, inda ake ajiye takardun shekara-shekara. Shekara uku a jere kamfanin yana shigar da lissafin da ke cewa ba ya wani ciniki, barci yake. To yaya mai barci zai sayar da kwantena-kwantena na sukari? Na kuma sa adireshin nasa a wurin bincike, sai ga ɗaruruwan kamfanoni duk a ƙofa ɗaya. Ofishin karɓar wasiƙa ne kawai. Wannan shi kaɗai ba laifi ba ne, 'yan kasuwa na ƙwarai ma suna hayar irin wannan adireshi, amma ya nuna cewa idan rigima ta taso, babu wanda za a tarar a wurin.

Daga nan na nufi tsibiran. A BVI bincike ba kyauta ba ne, kuma abin da za a ba ka shi ne sunan kamfani, lambarsa, ranar rajista, ko yana biyan kuɗin sabuntawa, da sunan wakilin da ya yi masa rajista. Tun Janairun 2023 ana iya samun sunayen daraktocin da ke kai. Wani abokin aikina da ya saba da hanyar ya samo mini: darakta ɗaya ce, wata mata. Da na bi sunanta sai na gan shi a kan wasu kamfanoni barkatai da ba su haɗa komai ba. Daraktar aro ce. Sana'a ce a can: ana biyan mutum ya ba da sunansa, shi kuma ya sa hannu a takardar da ke miƙa ikon komai ga mai kamfanin na ainihi. Wannan takarda tana cikin durowar wakili, ba ta zuwa rajista. Dokar BVI ta tilasta wa wakili ya san mai kamfanin na gaske, hukumomin bincike na iya nema su samu, amma ni da kawu ba mu cikin waɗanda ake buɗe wa wannan ƙofa. Na Seychelles kuwa ban samu komai ba bayan tabbacin cewa sunan yana nan.

Saura rumbun ICIJ, ƙungiyar 'yan jarida masu bincike da ta fallasa Panama Papers a 2016 da Pandora Papers a 2021. Shafinta na Offshore Leaks yana da kamfanoni sama da dubu 800, kuma wuri ne da ɗan talaka ke iya ganin layin da ya haɗa kamfani da mai shi, saboda bayanan daga cikin durowar wakilan suka fito. Kamfanoninmu biyu ba su ciki. Mutane da yawa a nan suke kuskure, su ɗauka an wanke kamfanin. Panama Papers takardun ofishin lauyoyi ɗaya ne, Mossack Fonseca, kuma sun tsaya a 2015. Pandora na wakilai 14 ne. Wanda ya yi rajista wajen wakilin da ba a kwarmata takardunsa ba, ko bayan kwarmaton, ba zai fito ba. Haka nan fitowar suna ba hukunci ba ce, shafin da kansa ya yi wannan gargaɗi. Mu da muke da Ibrahim Musa a kowace unguwa, ya kamata mu fi kowa taka-tsantsan kafin mu liƙa wa wani suna a Facebook.

Ranar ta huɗu na kira kawu na ce ban san mai kamfanin ba, kuma ba na jin zan sani. Ya yi shiru, sannan ya ce: "Ashe wahalar banza ka yi." Na ce a'a kawu, ga abin da ke hannuna: kamfanin ya gaya wa hukumar ƙasarsa cewa ba ya ciniki, adireshinsa akwatin wasiƙa ne, daraktar da ke bayansa ta aro ce, kuɗinka kuma za su tafi wata ƙasa ta huɗu. Ban ce 'yan damfara ne ba, don ba ni da hujjar haka. Amma idan sukari bai zo ba, wa za ka kai ƙara, kuma a wace kotu?

Muka shirya ya nemi abu biyu. Na farko, wanda zai sa hannu a yarjejeniya ya turo fasfonsa da takardar da ta ba shi iko. Na biyu, a yi biyan ta wasiƙar lamunin banki, yadda kuɗi ba za su fita ba sai an gabatar da takardun lodin kaya a jirgi. Dillalin ya ce zai gaya musu. Bayan mako ɗaya ya dawo ya ce wai sun ce wannan hanya tana da tsada da ɓata lokaci, amma za su rage kafin alƙalamin zuwa miliyan 20 idan aka tura a makon nan. Kawu ya sayi sukarinsa wajen tsohon abokin cinikinsa, da tsada kaɗan, kuma har yau yana yi mini mitar ribar da ya ce na sa ya rasa.