Shirin Tela Kafin Ya Taka Keke

Tela mai hankali ba ya fara ɗinki da zarar ya buɗe rumfa. Akwai ɗan shiri na minti goma da yake yi kowace safiya.

Da farko ya share rumfa, ya tsince allurai da suka faɗi, don yara suna shigowa ba takalmi. Ya goge tebur, ya ajiye almakashi da alli da abin awo a hannun dama.

Sa'an nan ya juya kan keke. Ya buɗe wurin koshiya, ya cire burbushin zare da ƙura da ɗan buroshi. A lokacin hunturu ƙura ta fi yawa, kuma ita ce ke sa keke nauyi. Ya ɗiga man keke, ɗigo ɗaya a kowane rami. Kada ka sa man gyaɗa, ko da wani ya ce maka yana yi. Bayan 'yan kwanaki yakan daskare ya yi danƙo, sai keke ya cije.

Bayan mai, kada ka ɗora kayan mutane tukuna. Nemi ƙyalle, ka ninka shi biyu, ka yi ɗinki kamar taƙi ɗaya. Ƙyallen zai shanye ragowar mai, ya kuma nuna maka lafiyar keke. Juya shi ka duba. In zare ya yi kumbo a ƙasa, zaren sama ne ya yi sako-sako: sake zura shi, in bai gyaru ba ka ɗan matse shi. In ɗinki yana tsallake, duba allura, watakila ta lanƙwashe, ko ta dakushe, ko ba ta zauna daidai ba. Allura mai lamba 14 ta isa yadi marar kauri, amma kaki yana son 16.

Saura saƙonni. Buɗe littafin awo ka karanta abin da ka rubuta jiya. Ga misali. Wani ya kawo yadi ran Litinin, riga da wando, zai karɓa ran Alhamis. Da yamma ya aiko yaro ya ce a ƙara wa hannun riga inci 2. In ka rubuta saƙon a ƙarƙashin sunansa, yau za ka gani kafin ka sa almakashi: hannu 23 ya koma 25. In a ka kawai ka riƙe, sai ka yanka 23, kuma yadin da aka yanka ba ya ƙaruwa. Ko ka yi ƙari wanda kowa zai gani, ko ka sayi wani yadi da kuɗinka.

Daga littafin nan kuma za ka san aikin da za a karɓa da wuri. Shi za ka fara ɗauka.