Maƙalallen haƙorin hankali

Maƙalallen haƙorin hankali shi ne turmi na uku, wato haƙorin ƙarshe a can ƙuryar baki, idan ya kasa fitowa yadda ya kamata saboda wani abu ya tare masa hanya. Abin da ke tare shi kan kasance haƙorin da ke gabansa, ko ƙashin muƙamuƙi, ko naman dasashi. Baligi mai cikakkun haƙora yana da guda 32, kuma huɗu daga cikinsu haƙoran hankali ne, biyu a sama biyu a ƙasa. Galibi suna fitowa ne tsakanin shekara 17 zuwa 25, bayan sauran haƙora sun riga sun kama wurarensu, shi ya sa sau da yawa ba sa samun fili. Na ƙasa sun fi na sama yawan maƙalewa. A tsarin lambobin da likitocin haƙori suke amfani da shi a ƙasashe da dama, ana rubuta na sama 18 da 28, na ƙasa kuma 38 da 48.

Ire-iren maƙalewa

Rabe-raben da aka fi sani shi ne wanda likitan haƙori Ba'amurke George Winter ya fitar a shekarar 1926. Yana duba inda haƙorin ya karkata idan an gwada shi da turmi na biyu da ke gabansa.

Nau'in da aka fi samu shi ne wanda ya karkato gaba, kansa ya jingina da bayan turmi na biyu. Tsakanin haƙoran biyu sai a sami wani ɗan lungu wanda buroshi ko asuwaki ba sa iya shiga, abinci ya riƙa taruwa a ciki. Akwai kuma wanda yake tsaye sak kamar kowane haƙori, sai dai ƙashi ko nama ya rufe bayansa. Na uku shi ne wanda ya kwanta gaba ɗaya, kansa na tunkuɗar saiwar maƙwabcinsa. Na huɗu ya karkata baya ne, zuwa ga reshen muƙamuƙi da ke hawa wajen kunne. A hoto wannan na huɗu yakan yi kama da mai sauƙi, amma a muƙamuƙin ƙasa yana cikin waɗanda suka fi wuyar cirewa, domin hanyar da zai bi ya fito ta nufi cikin ƙashi ne.

A shekarar 1933 Pell da Gregory suka ƙara wani ma'auni mai fuska biyu. Fuska ta farko zurfi ce: A idan kan haƙorin ya kai tsayin turmi na biyu, B idan yana tsakanin saman turmin da wuyansa, C idan ya nutse ƙasa da wuyan. Ta biyu fili ce: mataki na 1 idan akwai isasshen wuri tsakanin turmi na biyu da reshen muƙamuƙi, na 2 idan wurin bai isa ba har wani sashe na haƙorin ya shige cikin reshen, na 3 idan kusan dukkansa yana ciki. Waɗannan ma'aunai suna bayyana wa likita wahalar aikin da ke gabansa. Ba su ne suke yanke hukuncin a cire ko a bari ba.

Abin da ya fi tasiri a wannan hukunci shi ne ko haƙorin ya leƙo cikin baki ko bai leƙo ba. Haƙorin da ƙashi da nama suka rufe ruf, yawu da ƙwayoyin cutar baki ba sa isa gare shi, kuma yana iya zama haka tsawon rayuwa ba tare da mai shi ya sani ba. Wanda ya fito rabi shi ne mai yawan kawo matsala, domin ya buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, kuma ba ya wankuwa.

Matsalolin da yake kawowa

Wadda aka fi gani ita ce kumburin dasashin da ke rufe da kan haƙorin, wanda likitoci ke kira perikoronaitis. Ɗan naman da ya lulluɓe haƙorin yakan zama kamar murfi, guntun abinci ya shige ƙarƙashinsa ya ruɓe. Sai wurin ya yi ja, ya kumbura, baki ya yi wari, wani lokaci mugunya ta fito. Idan haƙorin sama yana cizon naman da ya kumbura, ciwon yakan ƙaru. Idan abin ya kai ga zazzaɓi, ko kasa buɗe baki sosai, ko wahalar haɗiya, ko kumburi ya sauko ƙarƙashin haɓa, cutar ta fara bazuwa ke nan, kuma wannan na buƙatar asibiti cikin gaggawa saboda yana iya toshe hanyar numfashi.

Ta biyu ta fi ɓoyuwa. Haƙorin da ya karkato gaba kuma ya fito rabi yakan jawo ruɓewa a bayan turmi na biyu, a wurin da ido ba ya gani. Sau da yawa mutum ba ya jin komai sai kogon ya yi zurfi. Asarar a nan ta fi girma, domin turmi na biyu haƙori ne da ake tauna da shi kullum, kuma cike kogon da ke wannan wuri yana da wuya matuƙar haƙorin hankalin yana jingine a kai.

Akwai kuma ƙullutu mai ruwa da kan tasowa daga jakar da ta kewaye kan haƙorin da ke binne. Ba a cika samunsa ba, amma idan ya girma yana cin ƙashi a hankali ba tare da ciwo ba.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa haƙorin hankali ne ke tura sauran haƙora har na gaba su cunkushe. Bincike bai nuna cewa cire shi yana hana wannan cunkoso ba, don haka ba a ɗaukarsa dalilin yin tiyata.

Yadda ake yanke shawara

Likita yakan fara da tambayar tarihin ciwon: sau nawa ya taso, yaya tsananinsa. Sannan ya duba bakin, ya sa ɗan siririn ƙarfe a bayan turmi na biyu don ya ji ko akwai hanyar da ta kai ga haƙorin da ke ƙasa. Bayan haka a ɗauki hoton ƙashi mai nuna muƙamuƙi duka daga kunne zuwa kunne.

Idan akwai cuta a fili, likitoci ba su da saɓani sosai. Ana cire haƙorin idan kumburi ya maimaitu, ko ya ruɓe yadda ba zai gyaru ba, ko ya yi ƙurji, ko ƙullutu ya fito, ko yana lalata maƙwabcinsa. Saɓanin yana kan haƙorin da ya maƙale amma bai yi komai ba tukuna. A Birtaniya, hukumar NICE ta fitar da ƙa'ida a shekarar 2000 cewa a daina cire maƙalallun haƙoran hankali masu lafiya don rigakafi kawai, kuma kumburi na farko, in ba mai tsanani ba ne, bai isa dalilin tiyata ba. A Amurka an fi karkata ga cirewa tun ana matashi. Hujjarsu ita ce a wannan lokacin saiwa ba ta gama tsawo ba, ƙashi bai yi tauri ba, rauni kuma yana saurin warkewa. Nazarin da ƙungiyar Cochrane ta sabunta a 2020 ya ce hujjojin da ake da su ba su isa su nuna wanne ya fi ba.

Abin da ya sa ba a gaggawar cirewa shi ne tiyatar tana da nata haɗarin. A cikin muƙamuƙin ƙasa akwai wata jijiya da ke bi ta wani rami a ƙarƙashin saiwoyin turame, ita ce ke sa a ji taɓi a leɓen ƙasa da haɓa. Wata kuma tana bi ta gefen harshe, dab da haƙorin hankali. Idan aka taɓa ɗayansu, leɓe ko rabin harshe ya yi dundum. Yawanci jin yana dawowa cikin makonni ko watanni, amma a wasu 'yan kaɗan ba ya dawowa. A sama kuwa abin lura shi ne kogon iska da ke cikin ƙashin kunci, wanda saiwar haƙorin kan kusanta.

Misali

A ɗauka ɗaliba ce 'yar shekara 24 ta zo da kumburi a ƙuryar hagu ta ƙasa, karo na biyu cikin wata takwas. Hoto ya nuna haƙori 38 ya karkato gaba, zurfinsa B, filinsa mataki na 2, ƙusurwa ɗaya ta kansa ta leƙo. A bayan turmi na biyu akwai ɗan duhu, alamar ruɓewa ta fara. A dama kuwa 48 yana kwance can ƙasa, ƙashi ya rufe shi, ƙarfen gwaji bai sami hanya ba, kuma bai taɓa ciwo ba.

Game da 38 akwai dalilai biyu masu ƙarfi: kumburi mai maimaituwa da lalacewar maƙwabci. Za a fara kwantar da kumburin ta hanyar wanke ƙarƙashin naman, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta idan akwai zazzaɓi ko alamar bazuwa, sannan a sa ranar aiki. Kafin ranar likita zai duba alaƙar saiwa da ramin jijiya. A hoto ramin yakan fito kamar layuka biyu farare. Idan saiwar ta yi duhu a inda ta haɗu da ramin, ko farin layin ya katse, ko ramin ya kauce daga hanyarsa, akwai yiwuwar suna manne. A nan akan nemi hoto mai fuska uku idan akwai na'urar.

Idan saiwar tana nesa da jijiya, za a yi allurar kashe zafi, a ɗaga dasashi, a rage ɗan ƙashin da ya rufe, a raba haƙorin gida biyu don kowane ɓangare ya fito ba tare da an matsa wa turmi na biyu ba, sannan a ɗinke. Idan kuwa tana manne da jijiya kuma haƙorin kansa bai ruɓe ba, akwai zaɓin koronektomi: a yanke kan haƙorin a cire, a bar saiwar a cikin ƙashi. Wannan yana rage haɗari ga jijiya, sai dai saiwar takan motso sama da lokaci, wani lokaci har a sake aiki don fitar da ita.

Shi kuwa 48, likita mai bin ƙa'idar NICE zai bar shi. Bari a nan yana tare da sharaɗi: ta riƙa zuwa dubawa, a lura da bayan turmi na biyu, a sake hoto idan wani abu ya canza. Idan ɗalibar tana zaune inda ganin likitan haƙori ke da wuya, wannan ma yana shiga lissafi, musamman ga haƙorin da ya fito rabi.

Bayan cirewa

Kumburin fuska yakan kai ƙarshensa a rana ta biyu ko ta uku, sannan ya fara sauka. Gudan jinin da ya daskare a cikin ramin shi ne ke kare ƙashi, don haka ake hana kurkure baki da ƙarfi a ranar farko, ake kuma hana shan taba. Idan gudan ya fita, ƙashi ya bayyana, sai ciwo mai tsanani ya taso bayan kwana biyu zuwa huɗu, yana harbawa zuwa kunne, tare da ɗoyi a baki. Alamarsa ita ce ciwon yana ƙaruwa a lokacin da ya kamata ya ragu. Ya fi faruwa a muƙamuƙin ƙasa da kuma ga masu shan taba. Maganinsa shi ne likita ya wanke ramin ya sa magani mai kwantar da zafi a ciki, har sabon nama ya rufe ƙashin.